Sallama, Sirrin Kamfani da Hana Aiki Wurin Abokin Hamayya: Kurakuran da Sabon Manaja Ya Fi Yi

Yawancin sababbin manajoji ba sa buɗe takardar ɗaukar aikin ma'aikatansu sai ranar da rigima ta tashi. A ranar kuwa an riga an faɗi maganar da bai kamata ba, ko an miƙa wasiƙar da ba ta janyuwa. Sharuɗɗa uku ne suka fi kai kamfani gaban alƙali: yadda za a rabu da ma'aikaci, abin da bai kamata ya fitar ba na sirrin kamfani, da kuma inda aka hana shi yin aiki bayan ya tafi. Bari mu bi su ta kan mutum guda.

A ce kamfaninku yana rarraba takin zamani da maganin feshi daga Kano zuwa Jigawa da Katsina. Kana da jami'in talla da ya shekara 3 yana aiki, albashinsa naira 180,000 a wata. Cinikinsa ya ja baya, kuma ka ji ƙishin-ƙishin cewa wani kamfani yana zawarcinsa. Ka yanke shawarar ku rabu.

Kuskuren farko shi ne ka kira shi ofis ka ce daga gobe kada ya zo. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 11, ta sa mafi ƙarancin wa'adin sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 ga mai shekara 5 zuwa sama. Sanarwar da ta kai mako guda kuma dole ta kasance a rubuce. Ga lissafin doka mutuminka yana da mako 2. To amma wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan takardar da ya sa wa hannu ta ce wata guda, wata gudan ne ya ɗaure ka, kuma yawancin takardun kamfanoni haka suke cewa. Akwai ma wani abin da ake yawan mantawa: dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ware masu riƙe da muƙamin gudanarwa da ƙwararru. Su waɗannan, takardar kwantiraginsu da littafin ƙa'idojin kamfani su ne abin da kotu za ta fara dubawa.

Idan ba ka son ya ci gaba da zama har wa'adin ya cika, doka ta yarda ka biya shi kuɗin madadin notis. Nan ma akwai rami. Manajoji da yawa suna rubuta a wasiƙa cewa za a biya shi, sai a bar shi yana jele ofishin akanta wata biyu. Kotun Ƙoli ta daɗe da bayyana, tun shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, cewa kuɗin madadin notis ana biyan sa ne a lokacin da aka kawo ƙarshen aikin, alkawari kawai bai wadatar ba. Saboda haka kafin ka sa hannu, zauna da akanta ku fitar da lissafi. In ya yi kwana 20 a cikin watan, haƙƙinsa na waɗannan kwanaki naira 120,000 ne idan an raba wata gida 30. Ka ɗora 180,000 na madadin notis, ya zama 300,000, sannan a duba hutun shekara da bai ci ba da kuɗin fanshonsa da aka cire ba a tura ba. A duba kuma ko takardar ta ce tsurar albashi ko har da alawus, domin dokar kanta tsurar albashi take lissafawa, ban da alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Wasiƙa da shaidar biya su fita rana ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi tsada, wato cuɗa sallama da kora. Sallama rabuwa ce bisa sharaɗin kwantiragi, mutum ya tafi da haƙƙoƙinsa da mutuncinsa. Kora hukunci ce kan babban laifi kamar sata ko zamba, ba notis, kuma takan bar wa mutum tabo a duk inda ya je neman aiki. Sabon manaja mai fushi yakan rubuta wasiƙar sallama, sai ya cusa jimla guda a ciki: saboda rashin gaskiya. Da wannan jimlar ka ɗora wa kanka nauyin kawo hujja. Duk dalilin da ka rubuta, kotu za ta ce ka tabbatar da shi, kuma za ta tambaya ko an ba shi dama ya kare kansa. Hanyar da aka sani ita ce a ba shi kweri a rubuce, a faɗi takamaiman abin da ake zarginsa da shi, da rana da adadin kuɗi in akwai, a ba shi lokacin amsawa, in ya kama a zauna da shi gaban kwamiti a rubuta abin da aka tattauna. Idan ba ka da waɗannan a fayil ɗinsa, kada ka kusanci kora.

Wani zai ce to sai in yi shiru, in rubuta kawai cewa kamfani ba ya bukatar aikinsa. A da wannan yakan wadatar. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 da ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'o'in aiki ita kaɗai, tare da ikon duba yadda ake yi a duniya, kotun ta sha yanke cewa ya kamata a ba da dalili mai tushe wanda ya shafi aikin mutum, ko halinsa, ko bukatar kamfani. Ga jami'in tallanmu, dalilin da ke da ƙafa shi ne raguwar ciniki, muddin akwai takardun da suka nuna adadin da aka ɗora masa, abin da ya kawo, da gargaɗin da aka yi masa. Jita-jitar cewa wani kamfani yana nemansa ba dalili ba ne. Kuma kada a matsa masa ya rubuta takardar ajiye aiki a gabanka. Kotu tana iya ɗaukar wannan a matsayin kamfani ne ya raba shi da aikin.

Yanzu ya tafi, bayan mako uku sai ka gan shi a kasuwar Dawanau yana tallar kayan wani kamfani. Ka koma fayil, ka ga sharaɗin da ya ce ba zai yi aiki da kowane kamfanin kayan noma a faɗin Najeriya ba har shekara 5. Kuskure na uku shi ne ka ɗauka cewa tunda ya sa hannu, magana ta ƙare. Irin wannan sharaɗi doka tana kallonsa da zargi tun farko, domin yana toshe wa mutum hanyar abincinsa, kuma kamfani ne zai nuna cewa bai wuce gona da iri ba. Abu uku ake aunawa: tsawon lokaci, faɗin wuri, da irin aikin da aka hana. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, a sashe na 68, ta ce irin wannan hani kada ya wuce shekara 2. Shekara 5 ɗinku ta faɗi tun daga nan. Shekara 2 ɗin ma iyaka ce kawai, ba lasisi ba. Kotu na iya ganin ta yi yawa ga ƙaramin ma'aikaci.

Ba wai sharaɗin ba ya aiki sam ba. A 1973 Kotun Ƙoli ta amince da hanin da kamfanin motoci na Leventis ya sa wa wani manajansa, na shekara 1 a cikin tazarar mil 50. Abin lura shi ne hanin gajere ne, yana da iyakar wuri, kuma mutumin babba ne da ya san cikin kasuwancin. Gyaran da za ka kai wa lauyan kamfani kenan: a mayar da shi wata 6 ko shekara 1, a taƙaita shi ga jihohin da mutum ya yi wa aiki, a ambaci takin zamani da maganin feshi kawai. Ni a ganina ma, ga jami'in talla, sharaɗin da ya fi amfani shi ne wanda ya hana shi janye dilolin da ya yi hulɗa da su a shekararsa ta ƙarshe. Shi ne ainihin abin da kuke tsoro, kuma ya fi sauƙin karewa. Liƙa wa direba da mai gadi wannan sharaɗi, kamar yadda ake yi idan an kwafo takarda ɗaya ga kowa, ɓata tawada ne.

Sharaɗin sirri shi ne mafi ƙarfi a cikin ukun, don ba ya hana kowa neman abinci, kuma yana iya ci gaba bayan an rabu. Inda ake kuskure shi ne a rubuta cewa duk abin da ya gani ko ya ji a kamfani sirri ne. Ƙwarewar da mutum ya samu, kamar iya magana da manomi ko sanin lokacin da taki ke tsada, tasa ce, da ita zai tafi. Abin da za ka iya karewa shi ne wanda za ka iya nunawa da yatsa: jerin diloli da bashin da ake bin kowannensu, ragin da ake yi wa manyan masu saye, farashin da kuke sarowa. A rubuta su da sunansu a takardar.

Sannan a riƙe su kamar sirri. Idan jerin farashin yana yawo a zauren WhatsApp mai mutum 60, har da waɗanda suka bar aiki bara ba a cire su ba, da wane baki za ka ce wa alƙali an sace muku sirri? Haka idan duk hulɗa da diloli ta layin wayar jami'in ake yi, ranar da ya tafi ya tafi da kasuwar a aljihu. A ba masu talla layin kamfani. Ranar sallama a karɓi waya da kwamfuta, a rufe masa imel, a cire shi daga zaure, ya sa hannu a kan takardar miƙa kaya. Lambobin masu saye da adireshinsu kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafe su, don haka in sun fita, kamfani ma yana da tambayar da zai amsa.

Idan ka tabbatar ya fita da jerin diloli, kada ka riƙe masa haƙƙinsa don ramuwa, kada kuma ka kai shi ofishin 'yan sanda a kan saɓa kwantiragi. Tara shaidarka, kamar saƙon da ya tura wa kansa ko dilan da zai iya ba da shaida, ka miƙa wa lauya ya rubuta masa wasiƙar gargaɗi. In bai daina ba, Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, kuma tana iya ba da umarnin dakatar da shi daga amfani da bayanan kafin a gama shari'a.