Yadda ake zana matakan maitosis a jarrabawar Bayoloji

Maitosis shi ne rabuwar ƙwayar halitta ɗaya zuwa biyu, kowace da kuromosom iri ɗaya da na uwar. Kafin fensir ya taɓa takarda, ka tsai da yawan kuromosom ɗin da ƙwayar halittar da za ka zana take ɗauke da su. Ƙwayar jikin ɗan'adam tana da 46, amma babu mai zana wannan a ɗakin jarrabawa. Ɗauki 4 kawai, biyu dogaye biyu gajeru, ka riƙa ƙirga su a kowane mataki.

Fara da furofes. Zana kowane kuromosom da silli biyu, wato kuromatid, haɗe a wuri guda da ake kira sentiromiya. An riga an kwafe su tun a intafes, kafin maitosis ya fara, shi ya sa suka zo biyu-biyu. Fatar niyukiliyas kuwa ka yi ta da layi tsinke-tsinke, alamar ta fara wargajewa.

Sai metafes. Duka huɗun su jeru sahu ɗaya a tsakiyar ƙwayar, zaren sifindil, mai jan kuromosom, daga ƙarshen ƙwayar biyu yana kama kowanne a sentiromiya. Idan ka jera su dogo kusa da dogo, gajere kusa da gajere, sahu biyu suna fuskantar juna, to ka zana metafes na farko na mayosis ke nan, wato rabuwar da ke samar da ƙwayoyin haihuwa, ba abin da aka tambaya ba.

Anafes ya fi kowanne cinye maki. Sentiromiya ta rabe, kowane silli ya zama kuromosom mai zaman kansa, don haka yanzu 8 ne a cikin ƙwayar: 4 sun nufi wannan ƙarshen, 4 wancan, kowane ɓangare da dogaye biyu da gajeru biyu. Zana su a lanƙwashe, tsinin lanƙwasar yana gaba wajen ƙarshen da ake jan su, hannuwan suna biye a baya. Dalili shi ne daga sentiromiya zaren yake ja. Wanda ya juya tsinin ciki ya nuna haddar hoto ya yi.

A telofes sabuwar fata ta kewaye kowane rukuni na 4. In ƙwayar dabba ce, tsakiyarta ta tsuke kamar an ɗaure ƙugu. In ta tsiro ce, sabon bango ne ke tasowa daga tsakiya zuwa gefe.

Wajen sanya suna, ja layi da rula, ya taɓa ainihin abin da kake nufi, babu kan kibiya, kuma kada wani layi ya haye wani. Kar ka yi wa zanen inuwa, kar ka manta da take. A ƙarƙashin kowane zane rubuta jimla ɗaya ko biyu kan abin da kuromosom ke yi a lokacin. Na anafes, misali: sentiromiya ta rabe, zaren sifindil ya gajarce, ya ja kuromatid zuwa ƙarshen ƙwayar biyu.