Wasali a Bayanin Hoto na Larabci: Inda Masu Fassara Ke Tuntuɓe

Duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya saba ganin Larabci da wasullansa cike, haka ma ajaminmu. Amma jaridun Larabawa galibi ba sa sa wasali. Baƙaƙe kawai suke jerawa, mai karatu ya cike fataha da kisira da rufu'a daga abin da ya gabata a zancen. A doguwar maƙala hakan ba ya kawo matsala. Bayanin da ke ƙarƙashin hoto kuwa kalma uku ne ko huɗu, babu zancen da ya gabace shi balle mai karatu ya jingina da shi.

A ce an ba ka hoton wata mata tsaye a bakin aji a birnin Maskat, an rubuta "Malama a ƙasar Oman". Ka fassara shi da مدرسة في عمان, kuma babu kuskuren nahawu a ciki. Sai dai kalmar farko za a iya karanta ta madarasa, wato makaranta, ko mudarrisa, wato malama. Ta ƙarshe kuma tana iya zama Uman, ƙasar, ko Amman, babban birnin Jodan. Karatu huɗu ke nan daga kalma uku. Kuskuren farko shi ne zaton cewa hoton zai raba gardama. A nan ba zai raba ba, domin ga malamar ga makarantar duk suna cikinsa, kuma bangon aji ba ya faɗin ƙasar da yake. Makaho da manhaja ke karanta wa shafin ma bai ga hoton ba, manhajar kuwa cankar wasalin take yi.

Gyaran bai wuce alama uku ba: مُدرّسة في عُمان. Rufu'a a kan mimun da shadda a kan ra'un sun fitar da malama, rufu'a a kan ainun ta mayar da mu Oman. Da Jodan ake nufi, sai a sa shadda a kan mimun, عمّان. Ni kam idan da wuri, na fi son sauya lafazin, a rubuta سلطنة عمان, don ko alamar ta ɓace wajen kwafa ma'anar tana nan.

Daga nan sai wasu su zarce, su wasalce kowane harafi. Balarabe na ganin haka zai ɗauka littafin 'yan firamare ne, don cikakken wasali an bar wa Alƙur'ani da waƙoƙi da littattafan koyo. Ga rubutun ƙasan hoto ƙanana ne, a waya alamomin sai su cakuɗe da ɗigogi. Kuma wanda ya wasalce ƙarshen kalmomi ya ɗauko wa kansa li'irabi, kisira ɗaya ta faɗa gurbin rufu'a an kama shi.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne a sa wasalin amma a inda ba ya raba komai. An saba cewa aikatau wanda ba a ambaci mai yinsa ba, rufu'a a harafin farko ta ishe shi: قُتل, an kashe, saɓanin قتل, ya kashe. Wannan daidai ne, jaridu ma haka suke yi. To ga hoton masallacin Agadas na ginin ƙasa, an rubuta مسجد بني في أغاديز. Kalmar tsakiya tana iya zama buniya, an gina, ko bunni, mai ruwan ƙasa, kuma masallacin ruwan ƙasa ne da gaske. Idan ka sa rufu'a a kan ba'un ba ka yi komai ba, saboda karatun biyu duk da ita suka fara. Bambancin yana gaba: fataha a kan ya'un, بُنيَ, ta ba da gini, shadda a kan nunun, بنّي, ta ba da launi. Da an bi kalmar da shekarar ginin, da ba a buƙaci ko ɗaya ba.

Saboda haka kafin ka taɓa wasali, rufe hoton da asalin jimlar, ka karanta Larabcin da ƙarfi ta kowace fuskar da zai karantu. Inda karatu biyu suka zauna daram, nemi harafin da suka rabu a kai, shi kaɗai za ka yi wa alama. A allon rubutun Larabci na Windows ana buga harafin tukuna sannan alamar: Shift+Q fataha, Shift+A kisira, Shift+E rufu'a, Shift+X ɗauri, shadda kuma Shift da maɓallin ذ. Bayan ka ɗora hoton, buɗe shi a ƙaramar waya ka duba, don rufu'ar da ta fito sarai a kwamfuta takan koma kamar ƙura a can.