Yadda za ka gano inda daidaiton sinadarai zai karkata ba tare da hadda ba

Duk ɗalibin kemistiri a Jos da ke shirin jarrabawar kammala sakandare zai iya karanto maka ƙa'idar Le Chatelier da ka: idan aka taɓa sinadaran da suka kai daidaito, za su karkata ta hanyar da za ta rage tasirin taɓawar. Tun 1884 Bafaranshen ya fitar da ita, kuma tana aiki. Matsalar ita ce ƙa'idar tana faɗa maka inda za a nufa ne kawai, ba ta ba ka dalili. Da zarar mai tambaya ya ɗan murɗa tambayar, sai mai hadda ya tsaya cak. Hanyar da nake bi da yaran da nake koya wa a Unguwar Rogo ita ce lissafi ɗan ƙarami da za ka iya yi a bayan takardar tambaya.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wato haɗa amoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya da manoman dankali da masara ke nema kowace damina.

```
N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃     ΔH = −92 kJ
```

Kafin komai, ka cire wa ranka cewa daidaito tsayawa ne. Naitirojin da haidirojin suna ta haɗuwa su zama amoniya, amoniya kuma tana ta wargajewa ta koma yadda take, sai dai gudun biyun ya zo ɗaya. Kamar kasuwar Farin Gada ce a ranar da motocin kayan gwari ke shiga daidai yawan masu fita: hada-hada ba ta yanke ba, amma yawan motocin da ke ciki bai canja ba.

Mataki na farko: rubuta Q, ka ajiye K a gefe

Ka ɗora abin da ke dama a sama, abin da ke hagu a ƙasa, kowanne da lambar da ke gabansa a matsayin ƙarfinsa. Baka mai kusurwa tana nufin kauri, wato mol nawa ne a kowace lita.

```
Q = [NH₃]² / ([N₂] × [H₂]³)
```

Q ita ce amsar wannan lissafi a kowane lokaci ka duba. K kuwa ita ce ƙimar da Q ke kaiwa idan an daidaita. Idan Q ta gaza K, amoniya ta yi kaɗan, sai a nufi dama. Idan Q ta wuce K, sai a koma hagu. Abin da za ka riƙe da kyau shi ne zafi kaɗai ke iya canja K. Matsi da kauri Q suke girgizawa, K tana nan daram.

A zafin digiri 400 na ma'aunin Salshiyos, K ta wannan haɗi kusan 0.5 ce. Mu ce muna da mazubi rufaffe mai cin lita ɗaya, a cikinsa akwai mol 2 na naitirojin, mol 1 na haidirojin, mol 1 na amoniya. Sama 1, ƙasa 2, Q ta zama 0.5. An daidaita ke nan.

Mataki na biyu: tambayi abin da ya canja a daƙiƙar farko

Nan ne asirin yake. Kada ka yi saurin cewa hagu ko dama. Ka tsayar da komai a lokacin da aka yi taɓawar, kafin ƙwayoyin su motsa, ka sake lissafa Q.

An tura ƙarin naitirojin cikin mazubin, ya tashi daga 2 zuwa 4, girman mazubi bai canja ba. Sama tana nan 1, ƙasa ta koma 4, Q ta faɗo 0.25. Ta gaza 0.5, don haka za a nufi dama har sai ta dawo.

Har zuwa ina? Wannan tambayar ce hadda ba ta amsawa. Idan ka gwada lambobi, za ka tarar kusan mol 0.05 na naitirojin ne kawai zai shiga haɗin. Naitirojin ya koma 3.95, haidirojin ya sauka 0.85, amoniya ta hau 1.10. Saka su a lissafi: 1.21 a sama, kusan 2.43 a ƙasa, amsa 0.5. Dubi abin da ya faru da kyau. Ka zuba mol 2, an ci 0.05 kacal. Ɗalibai da yawa suna rubuta cewa daidaito yana “mayar da naitirojin yadda yake a da”, kuma wannan kuskure ne. Ragewa yake yi, ba ya sharewa. Haidirojin kuma, wanda ba wanda ya taɓa shi, shi ne ya fi raguwa, domin uku-uku ake ɗibarsa.

Da haidirojin aka ninka maimakon naitirojin, da ƙasa ta zama 2 sau 8, wato 16, Q ta faɗi har kusan 0.06. Ƙarfin ukun nan da ke kansa ne ya sa ninka shi ya fi girgiza daidaiton nesa ba kusa ba.

Matsi: ka tambaya ta wace hanya aka ƙara shi

Mu koma mazubinmu na farko, 2 da 1 da 1. An danna shi daga lita ɗaya zuwa rabin lita. Ba abin da ya shiga, ba abin da ya fita, amma kaurin kowa ya ninka: 4 da 2 da 2. Sama ta zama 4, ƙasa 4 sau 8, wato 32, Q ta koma 0.125. Dama za a nufa.

Dalilin yana nan a fili. Sama ta ninka sau 4, ƙasa ta ninka sau 16, saboda jimillar ƙarfin da ke ƙasa huɗu ne, na sama biyu. Wannan shi ne tushen abin da aka haddace cewa ƙarin matsi yana kai wa ɓangaren da ke da ƙarancin mol na gas. Inda mol ɗin hagu da dama suka zo ɗaya, kamar H₂ + I₂ ⇌ 2HI, sama da ƙasa tare suke ninkuwa, Q ba ta motsi, daidaito ma haka. Gas kaɗai ake ƙirgawa, daskararren abu ba ya shiga Q tun farko.

Wata ɗaliba ta taɓa tare ni da cewa, “Malam, to idan aka tura gas ɗin agon ciki fa? Ai matsi ya ƙaru, dama ke nan ko?” Na ce mata, “Yarinya, duba Q, ina agon a ciki?” Babu shi, domin agon gas ne da ba ya haɗuwa da sauran. Idan mazubin na ƙarfe ne da ba ya faɗaɗa, allurar ma'aunin matsi za ta hau, amma naitirojin yana nan mol 2 a lita ɗaya, sauran ma haka. Q tana nan 0.5, ba inda za a je. Sai idan mazubin mai iya faɗaɗa ne, agon ya sa ya faɗaɗa don matsi ya tsaya yadda yake. A nan kaurin kowa zai ragu, ƙasa ta fi sama raguwa, Q ta hau, a koma hagu.

Ga wadda ta fi wannan tsauri. Ba ta cika fitowa a jarrabawar sakandare ba, amma ita ce ke nuna iyakar hadda. A mazubi mai iya faɗaɗa, matsi a tsaye, aka ƙara mol 2 na naitirojin. Jimillar mol ta tashi daga 4 zuwa 6, don haka girman mazubi ya koma lita 1.5. Kauri yanzu 2.67 da 0.67 da 0.67. Lissafa a hankali, Q ta fito kusan 0.56. Ta wuce K. An ƙara abin da ke hagu, amma daidaito ya koma hagu, amoniya ta ragu. Faɗaɗar mazubin ta tsinka haidirojin, shi kuwa ƙarfinsa uku ne, asarar da aka yi ta nan ta fi ribar naitirojin. Hakan na faruwa ne idan naitirojin ya riga ya kai rabin gas ɗin da ke ciki ko ya zarce.

Zafi: yanzu K ce ke tafiya

Idan ka ɗumama rufaffen mazubin ƙarfe, a daƙiƙar farko kauri bai canja ba, Q tana 0.5. Abin da ya gusa K ce. A digiri 500 ta sauka zuwa wajen 0.06. Q ta wuce ta ninki takwas, don haka amoniya za ta yi ta wargajewa har Q ta sauko.

A aji ana cewa ka ɗauki zafi kamar wani abin da haɗin ke fitarwa a dama. Dabara ce mai ba da amsa daidai, amma ba ita ce dalili ba, kuma tana sa yara su zaci K ba ta canja ba. Dalilin yana ga ƙarfin da ƙwayoyi ke buƙata kafin su tsallake zuwa ɗaya ɓangaren. Tunda haɗa amoniya yana fitar da kilojul 92, amoniya tana zaune a ƙasa da naitirojin da haidirojin ta fuskar makamashi. Hanyar komawa tana buƙatar ƙarfi fiye da hanyar zuwa da wannan adadin. Zafi yana hanzarta hanyoyin biyu duka, amma wadda ta fi buƙatar ƙarfi ita ta fi cin moriyarsa, domin a can ne ƙwayoyin da ke iya tsallakewa suka yi ƙaranci tun da farko. Gudun komawa ya zarce gudun zuwa, K ta sauka. Saboda haka alamar da ke gaban ΔH za ka fara dubawa: idan ragi ce, zafi na rage K, idan ƙari ce, yana ɗaga ta.

Da wannan tunanin za ka gane katalis, wato abin da ke hanzarta haɗi shi kuma bai ƙare ba, ba tare da wata sabuwar ƙa'ida ba. Yana rage ƙarfin da ake buƙata a hanyoyin biyu da adadi ɗaya, gudun biyun su ninku daidai wa daida. An isa daidaito da wuri, K ba ta gusa ba.

To me ya sa masana'antu ke aiki a digiri 400 zuwa 450, alhali sanyi ne ke ɗaga K? Domin a sanyi ƙwayar naitirojin ba ta yarda ta rabu, sai ka zauna jiran amoniyar da lissafi ya yi maka alkawari ba ta zo ba. Hanyar da Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913, ta yarda da ƙaramar K don a samu gudu, sannan ta rama ta wajen Q. Ana matsa gas ɗin zuwa wajen ninki 200 na matsin iskar duniya, a bi da shi ta kan katalis na baƙin ƙarfe. A zagaye ɗaya kusan kashi 15 cikin 100 ne ke zama amoniya. Sai a sanyaya abin da ya fito, amoniya ta zama ruwa a janye ta, naitirojin da haidirojin da suka rage a mayar da su ciki tare da sabo. Janye amoniya na rage abin da ke saman Q, don haka duk gas ɗin da ya koma kan katalis yana shiga ne da Q ɗin da ta gaza K, haɗin ya ci gaba da nufar dama.