Gibin sito: a bakin ƙofa ake fara yin asara

Na gaji da ganin sabon mai kula da sito ya ƙirga kaya a ƙarshen wata, ya ga gibi, ya hau zargin maigadi da 'yan dako. Sata tana faruwa, amma yawancin gibin da na gani a kasuwannin Singa da Dawanau na Kano tun ranar sauke kaya aka haife shi.

Babban kuskure shi ne sa hannu a takardar direba kafin ka ƙirga da kanka. Ni ya taɓa cin kuɗina. Tirela ta kawo shinkafa, takarda ta ce buhu 600 mai kilo 50. Magariba ta kawo jiki, direba yana ta "Alhaji, a sallame ni", na dubi tarin na sa hannu. An jera shi goma a tsawo, biyar a faɗi, hawa goma sha biyu, ka ga a lissafi 600 cif. Sai da aka ci rabin tarin muka tarar da rami a tsakiya, buhu 12 babu. Wa zan kama? Hannuna ne a takarda, daga albashina aka cire.

Tun ranar ba na ƙirga tari, buhu nake ƙirgawa yana shiga. Ina zama a bakin ƙofa da murafen kwalba ɗari a roba. Duk ɗan dakon da ya wuce da buhu na jefa ɗaya a bokiti, in sun ƙare na ja layi a littafi. Yarona yana nasa a jikin mota, kuma ba ma haɗa baki sai an gama. In lissafinmu ya saɓa, ko da buhu ɗaya ne, mota ba ta tashi. Kuma don Allah ku daina sauke kaya da daddare!

Na biyu, buhun da ya fashe ko ya sha ruwa. Sai a jingine shi a lungu ba a rubuta ba, littafi yana ganinsa lafiyayye, yara suna ɗiba da kwano. Haba! Auna abin da ya rage nan take, ka rubuta, mai kaya ya sa hannu.

Masu hatsi kuma su san cewa masarar kaka tana ramewa. Buhu mai kilo 100 da danshi kashi 18 cikin ɗari, in ya bushe zuwa 13, kilo 94 da 'yan kai zai koma. A buhu 200 an haura tan ɗaya ke nan, alhali ba wanda ya taɓa ko ƙwaya. Auna danshi ranar karɓa ka rubuta kusa da nauyi.

Sauran ƙanana ne. Ɗora kaya a kan katako, nesa da bango, saboda laima da gara. Tsohon kaya shi ke fara fita. Makulli kuwa kwaɗo biyu nake sawa, ɗaya a hannuna, ɗaya wajen mai rubuta littafi, ba ya buɗuwa sai mun haɗu.