Zanen katun daga selfi: kurakuran da ke hana shi kama da mai shi

Hausawan Jidda da Makka da yawa sun koma sa zanen katun a WhatsApp da Snapchat maimakon ainihin hotonsu, musamman mata da ba sa son fuskarsu ta bazu. Matsalar da aka fi kawowa ɗaya ce: zanen ya yi kyau, amma ko ɗan'uwanka bai gane kai ba ne. Yawanci laifin yana ga selfin da aka fara da shi.

Kuskuren farko shi ne kawo waya dab da fuska. Idan kyamara tana tazarar santimita 30, hanci yakan fito da girma fiye da yadda yake, kunnuwa su ɓuya, zanen kuma ya kwashi wannan. Jingina wayar a tazarar mita ɗaya da rabi, daidai tsayin ido, ka saita ta ɗauka bayan daƙiƙa 3, ka yanke hoton daga baya. Kashe matatar gyaran fuska, domin tana goge layin kumatu da tabo da tsagar gado, alhali da su ake gane mutum.

Sai haske, wanda nan ne masu duhun fata suka fi cutuwa. Ranar azahar a Jidda tana jefa baƙar inuwa a ƙarƙashin ido da hanci. Idan kuma taga tana bayanka, fuskar za ta dushe gaba ɗaya. Manhajojin da ke zana katun da kansu, irin su ToonMe, idan ba su ga fuska sosai ba sai su cike da ƙiyasi: fata ta yi fari, hanci ya sirance, wani lokaci baƙin mayafi ya koma gashi. Ka fuskanci taga da hantsi ko bayan la'asar, bango mara ado a bayanka, kuma launin mayafi ko hirami ya bambanta da na bangon.

A ganinmu zanen hannu ya fi aminci, hoton ma ba sai an tura shi ko'ina ba. Ɗauki misalin matashi mai gemu sanye da jan hirami, a manhajar ibisPaint X. Buɗe fili mai faɗi da tsawo ɗaya, 1000 × 1000. Shigo da selfin, ka rage `Opacity` zuwa 40 don ya yi dishi-dishi. Buɗe sabon `Layer`, wato shimfiɗar zane ta daban, a samansa ka bi layin fuska da alƙalami mai kaurin 6, ido da baki da kaurin 3. Kunna `Stabilizer` idan hannunka yana rawa. Da yawa suna zane a kan `Layer` na hoton, sai sun zo cire shi su ga zanen ya tafi tare da shi.

Kada ka bi kowane layi. Zana siffar kai, gira, ido, ƙasan hanci, layin baki da iyakar gemu, ka tsaya. Gemun a cike shi da launi ɗaya, ba gashi-gashi ba. Hiramin ma kada ka zana ƙananan gidajensa duka, layuka ja biyar ko shida sun wadatar, domin a jerin hira na WhatsApp hoton bai kai girman farcen babban yatsa ba, ƙananan zane sai su cakuɗe.

Wajen launi, mayar da `Opacity` na hoton zuwa 100 kafin ka ɗebo launin fata da `Eyedropper`. Wanda ya manta da wannan zai ɗebo launi koɗaɗɗe. Ɗebo daga kumatu, ba daga goshi mai ƙyalli ba. Ɓoye `Layer` na hoton tukuna, sannan ka zuba launin da `Bucket` a wani `Layer` da ke ƙarƙashin layukan. Idan launin ya malale ya cika fili duka, akwai inda layi bai haɗu ba, galibi a haɓa ko gefen kunne. Zuƙo wurin ka rufe shi. Inuwa ɗaya ta isa, a ƙarƙashin haɓa da gefen hirami, a `Layer` da aka saita a `Multiply`.

Kuskuren ƙarshe a wajen ɗorawa yake. Manhajoji irin su WhatsApp suna nuna hoton cikin da'ira, wadda ke cinye kusurwoyi huɗu, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na filin. Bar kai a tsakiya, ya ci kusan kashi biyu cikin uku na tsayi, da sarari sama da hirami. Ɓoye `Layer` na selfin, ka adana a `PNG`. Idan wani ne ya zana maka, ya turo ta `Document` a WhatsApp, domin turawa a matsayin hoto tana matse shi, gefen layukan ya yi dusu-dusu.