Yadda ake kwashe awannin aiki daga takardun da aka yi wa sikan zuwa Excel

Ƙarshen wata ya zo, an ajiye maka takardun shiga da fita na masu gadi, wasu a karkace, wasu tawada ta kode, kuma ana jiran albashi. Fara da hoton. Idan takardar asali tana kusa, sake yi mata sikan a miƙe, a 300 dpi, domin gyaran mummunan hoto ya fi sake ɗauka cin lokaci.

A Excel ka shiga Data, ka zaɓi From Picture. Rubutun inji yana karantuwa da kyau, amma na hannu, musamman na mai sauri, gara ka buga da kanka. Ka tsara shafin haka: A suna, B kwanan wata, C shiga, D fita, E awannin hutu, kowace ranar aiki da layinta.

Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne ɗigo. Sau da yawa 8:30 kan fito 8.30, shi kuwa Excel kwana takwas da ɗoriya yake gani, ba takwas da rabi na safe ba. Ka mayar da gidan tsarin lokaci, sai ka ga 7:12. Kar ka yi saurin sauya ɗigon da Ctrl+H, don 8.30 ya riga ya koma 8.3, abin da za ka samu 8:03 ne. Wannan dabarar za ta tona maka su:

```
=AND(ISNUMBER(C2),C2<1)
```

Duk inda ka ga FALSE, koma kan takarda. Ka yi wa D ma haka.

Sai lissafi. Na farko a F don awannin aiki, na biyu a G don ƙarin lokaci, duka a tsarin Number:

```
=MOD(D2-C2,1)*24-E2
=MAX(0,F2-8)
```

MOD ɗin saboda masu kwana a bakin aiki ne. Mai gadi ya shiga 19:00, ya fita 07:00, ya huta awa ɗaya: awa 11 ke nan, uku daga ciki ƙarin lokaci. Takwas ɗin nan misali ne, ka sa abin da yarjejeniyar aikinku ta ce.

To, a ce na'urar ta karanta 07:00 a matsayin 01:00, tunda 7 da 1 ba sa wuyar rikicewa. Lokaci ne ingantacce, gwajin farko ba zai kama shi ba, amma bawan Allah ya koma awa 5, ƙarinsa ya tafi. Maganinsa ka jera F daga ƙarami zuwa babba, ka duba na can sama da na can ƙasa, takarda a hannu. Bayan nan ka haɗa jimlar kowane mutum, ka gwada da wadda shugaban masu gadi ya rubuta a ƙasan takardar. Inda suka saɓa, bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, domin wani lokacin shi ne ya yi kuskuren tarawa, ba kai ba.