Fara da cire jimlolin da ba za su iya buɗe sakin layi ba

Masu shirin jarrabawa, in an hargitsa muku jimloli an ce ku jera su, kada ku yi ta karantawa kuna jiran tsari ya faɗo. Ku fara da tankaɗe. Duk jimlar da ta buɗe da "amma", "saboda haka" ko "daga nan", ko ta ce "shi" ko "ita" ba ta kama suna ba, tana jingine ne da wata. Ba ita ce ta fari ba.

Ga misali:
A. Saboda haka ganyenta ya yi rawaya.
B. Wata yarinya ta dasa bishiya.
C. Amma da ta mayar da ita waje, sai ta farfaɗo.
D. Ta ajiye bishiyar a ɗaki mai duhu.

A da C sun fita tun daga kalmar farko. Saura B da D, kuma nan ne na fi so ku lura. B ta ce "wata yarinya" da "bishiya", alamar sabon ambato. D ta ce "bishiyar", wannan ƙaramar "r" tana nuna an riga an san ta. To, B ce mabuɗi, D na biye. "Saboda haka" tana neman dalilin da ya gabace ta, dalilin kuwa duhu ne, sai A. "Amma" ta juya labarin, C ta rufe: B, D, A, C.

In kun gama, ku karanta da murya, kuna tambayar kowace "ita": wa kike nufi? In amsar tana can gaba, jerin bai zauna ba tukuna.